Bari Ta Kai Aya Tukuna

Idan aka zaunar da miji da mata za a yi musu sulhu, ko a gaban waliyyai ne ko a ofishin Hisba, da wuya a tashi ba a ji ɗaya ya ce "ba ya saurarona" ko "ba ta tsayawa ta ji ta bakina" ba. Abin mamaki, wanda ake zargin yakan iya maimaita maganar da aka yi masa tiryan-tiryan, har da ranar da aka yi ta da inda ake zaune. Ke nan kunnensa ya ɗauka. Sai dai ya ɗauke ta ne irin ɗaukar da lauya yake yi wa bayanin abokin shari'a: yana bin ta yana laluben inda za ta yi rauni ya kama. Mai ƙorafin kuwa tana ganin haka a fuskarsa tun kafin ya buɗe baki, don haka sai ta ƙara murya, ta ƙara jawo tsofaffin laifuka, shi kuma ya ƙara samun abin musu.

Ba mugun hali kaɗai ne yake kawo wannan ba. Haka hira take tafiya a bakin ɗan Adam. A shekarar 2009 Tanya Stivers da Stephen Levinson da abokan aikinsu na cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan suka wallafa wani bincike kan hirar yau da kullum a harsuna goma na sassan duniya daban-daban. Sun auna tazarar da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa, suka tarar a matsakaici ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Alhali masu nazarin furuci sun daɗe da auna cewa kafin mutum ya lalubo kalma guda a ransa ya furta ta, sai ya ci fiye da rabin daƙiƙa. Lissafin ba zai yi daidai ba sai ta hanya ɗaya: muna fara ƙulla amsa tun mai magana bai gama ba. A cinikin tumatir ko gaisuwar hanya wannan baiwa ce. Amma ranar da matarka ta ce tana da magana, ita ce take cutar da kai, domin hankalin da ya kamata ya bi maganarta ya rabu biyu, rabi yana wajenta, rabi yana tattara hujjoji.

Saboda haka duk wanda ya ce maka kada amsa ta zo maka a rai, ya ɗora maka abin da ba ka iyawa. Za ta zo. Abin da yake hannunka shi ne ka gane ta zo, ka ajiye ta gefe, ka koma kan maganar da ake yi maka. Wataƙila sau biyar ko shida za ka yi haka a zama ɗaya.

A ce ga wani malamin sakandare, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku, suna zaune a gidan haya mai ɗaki biyu da falo. Ƙanwarsa ta samu gurbin karatu a kwalejin ilimi ta garin, mahaifiyarsu ta ce ta zauna a wajensa. Bayan isha'i, yara sun kwanta, sai matar ta ce:

"Malam, ina da magana. Ɗazu da la'asar ina tsakiyar wanki sai ga ƙanwarka da jakarta, wai nan za ta zauna har ta gama makaranta. Har tana tambayata ina za ta ajiye kaya. Ni ban san da zancen ba, sai kame-kame nake yi a gabanta. Kullum haka kake yi. Sai kun gama yanke hukunci da 'yan gidanku, ni sai dai in ga abu a ƙofar gida kamar wata 'yar haya."

Kafin ta kai "'yar haya", amsoshi huɗu sun riga sun yi layi a bakin malam. Ta farko: ai ya faɗa mata, makonni biyu da suka wuce, tana tsaye tana zuba wa yara abinci. Ta biyu: "kullum" ɗin nan ƙarya ce, don ko a watan jiya da ita ya yi shawarar sauya wa babban yaronsu makaranta. Ta uku: lokacin da ƙanenta ya gama bautar ƙasa ya yi wata uku a falon nan, wa ya ce masa uffan? Ta huɗu: umarnin Hajiya ne, ko so take ya saɓa wa mahaifiyarsa?

Duka huɗun gaskiya ne, kuma a nan tarkon yake. Da ƙarya ce da ya ji nauyin faɗa. Amma da yake gaskiya ce, gani yake idan ya yi shiru an zalunce shi. Sai dai a duba yadda kowace za ta sauka a kunnen matar. Idan ya ce ya faɗa mata, zance ya tashi daga kunyar da ta sha a gaban ƙanwar miji ya koma gardamar wa ya fi tuna abu, gardamar da ba mai shaida a kanta. Idan ya kama "kullum", to ya zaɓi kalma ɗaya mai rauni ya watsar da sauran maganar. Idan ya jawo zancen ƙanenta, ya mayar da ƙara, yanzu ita ce a gaban alƙali. Idan kuma ya sa Hajiya a gaba, ya rufe mata baki da ƙofar da ba ta isa ta taɓa ba, domin duk abin da ta ƙara faɗa zai zama rashin kunya ga suruka. Ta kowace hanya saƙon da ya isa gare ta ɗaya ne: abin da ya dame ki bai kai a tsaya a kansa ba.

John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam da ya shafe shekaru yana ɗaukar hirar ma'aurata a faifan bidiyo a Jami'ar Washington da ke Seattle, yana kuma auna bugun zuciyarsu a lokacin da suke saɓani, ya lissafa kare kai cikin halaye huɗu da ya ga sun fi yawa a auren da yake ƙarewa da rabuwa. Sauran ukun su ne sukar halin mutum maimakon aikinsa, da raini, da yin gum a ƙi tankawa. A wani bincike da shi da Sybil Carrère suka fitar a 1999 kan sababbin ma'aurata 124, sun nuna cewa yadda minti ukun farko na zancen saɓani suka kasance yana nuna alamar inda auren zai kwana bayan shekara shida. Amurkawa aka yi binciken a kansu, kuma zamansu ba irin namu ba ne. Amma duk wanda ya taɓa zama a ɗaki ɗaya da ma'auratan da ke cacar baki ya san cewa farkon zance yakan ja ragowarsa.

To me malam zai yi a waɗannan mintuna? Abu na farko a jikinsa yake, ba a bakinsa ba. Ya kife wayar, ya rage rediyo, ya juyo. Idan tana tsaye yana kishingiɗe, ya tashi zaune ya ce ta zauna. Na biyu, ya ba hankalinsa wani aiki, domin hankalin da ba a ba shi aiki ba komawa yake ga haɗa hujja. Aikin shi ne ya nemo abu uku a cikin maganarta: me ya faru a yadda ta gan shi, me ta ji a ranta, me take so ya sauya. Wanda yake wannan neman zai lura da abin da mai shirin amsa ba zai taɓa lura da shi ba: a duk maganarta ba inda ta ce ba ta son yarinyar ta zauna. Abin da ya faru shi ne an zo mata ba shiri. Abin da ta ji shi ne kunya, da jin cewa ba a lissafa ta cikin masu gida ba. Abin da take so shi ne a zauna da ita kafin a yanke. Wannan ƙorafi ne mai sauƙin magani ƙwarai idan aka kwatanta da wanda malam yake shirin yaƙa, wato cewa matarsa ba ta son danginsa.

Yawancin masu tarar numfashi tsoro ne yake sa su. Gani suke idan suka saki, maganar ba za ta ƙare ba sai asuba. Likitoci ma haka suke tsoro da marasa lafiya. A 1984 Howard Beckman da Richard Frankel suka gano cewa likitocin da suka nazarta a Amurka suna katse majinyaci ne bayan daƙiƙa 18 kacal da fara bayani, a matsakaici. A 2002 kuma wasu likitoci a birnin Basel na Suwizalan suka gwada barin majinyata 335 su yi bayani ba katsewa. Matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 92 ne, kuma kusan kashi 78 cikin ɗari sun gama cikin minti biyu. Matar da ranta ya ɓaci ba majinyaci ba ce, za ta iya wuce haka. Amma ƙorafin da yake kai awa guda, idan aka bi diddiginsa, galibi ba tsawonsa ke nan ba. Katsewa ce take mayar da shi farko. Duk lokacin da aka tari numfashinta sai ta sake ɗauko zancen daga tushe, da ƙarin zafi da ƙarin misalai, don ta tabbatar wannan karon ya shiga.

Idan ta yi shiru, kada malam ya ɗauka ta gama. Shirun farko sau da yawa na jan numfashi ne, ko na auna ko za ta iya faɗin abin da ya fi nauyi. Ya ɗan jinkirta, sannan ya ce, "Ina jin ki. Akwai saura?" A irin wannan gaɓar ce ainihin maganar take fitowa. Mai yiwuwa ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kuɗin cefanen ma da yaya yake kai mu ƙarshen wata, yanzu ga ƙarin baki. Kuma in abinci ya gaza ni za a ce ina yi wa 'yar'uwarka rowa." Wannan ita ce fargabar da take ƙarƙashin faɗan, kuma da ya tsaya gardamar "kullum" da ba zai taɓa jin ta ba.

Malaman sira suna kawo labarin Utba ɗan Rabi'a, wanda Ƙuraishawa suka aika wajen Annabi (SAW) a Makka da tayin dukiya da sarauta don ya bar kiran da yake yi. Babu ko ɗaya cikin tayin da Annabi zai karɓa, kuma a cikin maganar akwai zargi mai ɗaci. Duk da haka ya bar shi ya kai ƙarshe, ya kira shi da alkunyarsa ta Abul Walid, ya tambaye shi ko ya gama, sannan ya karanta masa farkon Suratu Fussilat. Abin lura ga mai aure a nan shi ne, sauraro har ƙarshe ba amincewa ba ne. Da yawa daga cikin maza suna katse matansu ne don suna jin kowace daƙiƙa ta shiru tamkar sa hannu ce a kan takardar amsa laifi. Ba haka ba ne. Hujjar malam tana nan, ba za ta lalace don ta jira minti goma ba.

Bayan ta tabbatar ta gama, saura ya nuna mata abin da ya fahimta. Carl Rogers, wanda ya yi fice a fannin ba da shawara ta hanyar sauraro, ya ba da wata ƙa'ida tun farkon shekarun 1950: kada mutum ya faɗi nasa sai ya maimaita ra'ayin abokin maganarsa da abin da yake ji, har shi abokin ya yarda an faɗa daidai. Ƙa'idar tana da kyau, amma akwai gargaɗi. Gottman da abokansa, a binciken da suka wallafa a 1998 kan sababbin ma'aurata 130, sun tarar ko waɗanda aurensu yake lafiya ba kasafai suke yin wannan maimaitawar a tsakiyar faɗa ba. Abin da ya fi bambanta su shi ne mijin yana barin maganar matarsa ta yi tasiri a kansa. Ni ma ina ganin maimaitawar da aka haddace daga littafi, a bakin Bahaushe, za ta fi kama da gatse. Idan malam ya gyara murya ya ce, "Abin da na ji kina cewa shi ne ranki ya ɓaci," ba mamaki ta ce masa, "Da can kurma ne kai?" Gara ya faɗe ta yadda ake magana a gida:

"Wato ba zamanta ne damuwarki ba. Yadda ta zo ba ki sani ba, har kika rasa abin cewa a gabanta, shi ne ya yi miki ciwo. Ga kuma zancen cefane. Haka ne, ko na kauce?"

Tambayar ƙarshen tana da amfani, domin tana ba ta damar gyara shi. In ta ce ba haka ba ne, bai faɗi jarrabawa ba, ya samu ƙarin bayani ne. In ta ce haka ne, sai ya nemi yankin da yake nasa a cikin laifin ya ɗauka, komai ƙanƙantarsa, ba tare da ya liƙa masa "amma" a wutsiya ba. A nan yankinsa a fili yake: maganar da za ta sauya kwanan gida da tukunyar gida na shekara uku, ya jefa ta ne a tsaitsaye ana zuba abinci. "Wannan magana ce ta zama, ban zaunar da ke ba. Ban kyauta ba." Bai yi ƙarya ba, bai ce bai taɓa faɗa ba, bai kuma ɗauki laifin da ba nasa ba.

Akwai hanyoyi biyu na katse mutum da suke kama da kirki, kuma mu Hausawa mun ƙware a kansu. Ɗaya ita ce haƙurin gaggawa. Tana cikin magana sai a ce, "To, na ji, Allah ya ba ki haƙuri, ya wuce." A ido ladabi ne, amma murfi aka sa wa zancen, kuma yanzu idan ta ci gaba ita ce mai mita, wadda aka ba haƙuri ta ƙi. Ɗayar ita ce maganin gaggawa: "Shi ke nan, gobe ta tattara ta koma ɗakin kwanan ɗalibai." Wannan horo ne aka yi masa ado da sulhu, domin ita za a bari da sunan wadda ta kori ƙanwar miji. Yadda za a gane sauraro ya yiwu ba daga bakin mai sauraron ake ji ba. A wajen mai ƙorafin ake gani: muryarta ta sauka, ta daina maimaita jimla ɗaya, "kullum" ta koma "ranar nan", wani lokaci har ita da kanta ta fara kawo masa uzuri, ta ce ta san Hajiya ce ta matsa.

Duk wannan ya hau kan mace idan miji ne mai ƙorafin, sai dai nata kare kan yakan zo da wata kama. Idan ya ce ya dawo ya tarar yaron bai sha maganinsa na rana ba, amsar da take layi a bakinta ita ce jerin aikin da ta yi tun asuba, da "ni da wanne zan ji?" Shi ma gaskiya ne, shi ma kauce wa zancen ne. Akwai kuma shirun da aka koya wa 'ya'ya mata tun suna gida, a sunkuyar da kai a ce "to" har maigida ya gama. Iyaye suna yaba shi, amma sau da yawa babu sauraro a cikinsa ko kaɗan: jira ne hadari ya wuce, amsar kuma tana nan a ajiye, za ta fito bayan mako guda a wajen da ba a zata ba.

Wani lokaci kuma jiki ne yake ƙin ba da haɗin kai. Gottman ya lura cewa idan bugun zuciyar mutum ya haura kusan 100 a minti ɗaya a tsakiyar saɓani, ɗaukar sabon bayani yakan yi masa wuya ƙwarai, sai dai ya kai hari ko ya yi gum. Alamominsa sanannu ne: kunnuwa su yi zafi, muƙamuƙi ya ɗaure, numfashi ya gajarta, ka ji jimla ɗaya tana ta kewaya maka a kai. Mai son tabbatarwa ya dafa jijiyar wuyan hannunsa ya ƙirga na daƙiƙa 15, in ya wuce 25 to ya kai. A wannan hali cije baki a zauna ba zai haifar da sauraro ba. A dakata, aƙalla minti 20, don jiki ba ya sauka nan take. Amma dakatawar tana da sharaɗi biyu. Dole a faɗi lokacin dawowa: "Raina ya fara ɓaci, kuma ba na son in faɗi abin da zan yi nadama. Bari in yi alwala in ɗan zaga, ƙarfe tara da rabi mu ƙarasa." Wanda ya saɓa babbar riga ya fice majalisa ba ko kalma, bai dakata ba, ya yi gum ne da ƙafafunsa. Sannan kada a cinye minti ashirin ɗin ana bita da gyaran hujjoji, domin mai yin haka zai dawo ya fi yadda ya fita zafi.

Wannan duka ƙorafi ake nufi, ba cin mutunci ba. Idan magana ta koma zagin iyaye, ko barazana, ko akwai duka a cikin zaman, ba a ce wa kowa ya zauna ya yi ta sha da sunan sauraro ba, wannan sai an sa manya ko hukuma. Haka nan idan kuskuren da ke cikin ƙorafin shi ne ginshiƙinsa, misali tana zarginsa da ba wani kuɗin da bai bayar ba, to da zarar ta kai aya ya gyara mata, ba sai an kwana ba.

Hujjojin malam huɗu fa? Idan hankali ya kwanta, a daren ko washegari, sai ya ce shi ma yana da abin faɗa, kuma yana son ta ji shi kamar yadda ya ji ta. Zai tarar biyu sun mutu da kansu: ba wanda ya ƙara damuwa da "kullum", kuma zancen ƙanenta ba shi da wurin shiga tunda ba ta ƙi baƙuwar ba. Saura biyu masu amfani. Zai gaya mata cewa ya taɓa ambata zancen, don kada ta zauna da tunanin ɓoye mata aka yi da gangan. Zai kuma gaya mata yadda Hajiya ta kira shi, da yadda ya kasa cewa a ba shi lokaci ya yi shawara a gida. Daga nan sai su shiga abin da tun farko ya kamata a zauna a kansa: wane ɗaki yarinyar za ta kwana, nawa za a ƙara a kuɗin cefane, da kuma wanda zai gaya mata dokokin gidan, wanda ya fi kyau ya zama yayanta ne, a gaban matarsa.